Shin Istimna'i Yana Ƙarar da Ƙarfin Namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27, na daɗe ina istimna'i, wani lokaci sau 3 ko 4 a mako. An ce maniyyina zai ƙare, gabana kuma zai mutu. Bikina saura wata uku. Na riga na lalata kaina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, jikinka bai lalace ba. Hukuncin abin a addini na malamai ne, ni bayanin jiki zan yi maka.

Maniyyi ba rumbu ba ne da ake ɗiba har ya ƙare. Abin da ke fita a zubowa ɗaya bai cika wuce cokalin shayi ba, wato mililita 1.5 zuwa 5, kuma galibinsa ruwa ne. 'Ya'yan maraina kuwa kullum suna ƙera miliyoyin sababbin ƙwayoyin haihuwa. Idan aka yi a kai a kai ruwan yakan ragu ya tsinke, amma kwana biyu ko uku sun isa ya koma yadda yake. Kasalar da kake ji bayan ka kawo, sinadaran da ƙwaƙwalwa ke saki ne suke sa jiki ya mutu, barci ya zo. Haka magidanci yake ji bayan ya sadu da iyalinsa, ba wanda ya ce ƙarfinsa ya tsiyaye. A likitance babu wani adadi da aka yanke cewa daga nan cuta ta fara.

Miƙewar gaba aikin jini ne da jijiyoyi da natsuwar zuciya. Abin da ke kashe ta shi ne ciwon suga, hawan jini, sigari, shan tiramadol, da fargaba. A samari fargabar ce ta fi yawa, ita ce ma nake jiye maka. Ango yakan shiga ɗaki da tunanin "na riga na lalace", zuciya na dukan uku-uku, hanyoyin jini su tsuke, gaba ya ƙi tashi, sai ya ɗora laifin a kan istimna'i.

Ka lura da kanka na mako biyu. In kana farkawa da asuba ka tarar da gabanka a miƙe da ƙarfi, jini da jijiyoyi lafiya suke. In hakan ya ɗauke tsawon watanni, musamman in ga yawan fitsari da ƙishirwa, je asibiti a auna maka suga da hawan jini.

Inda matsala take shi ne sabo. Mai matsewa da ƙarfi, ko mai goga gabansa a katifa, ko wanda ba ya motsuwa sai da finafinan batsa, yana iya shan wahalar kawowa da matarsa. Wannan yakan gyaru in an bar ɗabi'ar, kuma wata uku lokaci ne mai kyau. Don Allah kada ka sayi maganin maza na tasha, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.