Hoto na fitowa, sauti babu

Tambaya: "Na sa bidiyo a filashi, tsohuwar talabijin ɗina na nuna hoto amma shiru. Ina mafita?"

Malam, filashinka lafiya lau, matsalar daga sautin take. Da yawa daga cikin fayilolin bidiyo na MKV da ake saukewa na zuwa da nau'in sauti na DTS, wanda talabijin da yawa ba sa karantawa. Buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo ka tabbatar. In DTS ne, ba sai ka taɓa hoton ba, sautin kaɗai za ka mayar AAC da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i fim.mkv -c:v copy -c:a aac -ac 2 sabo.mp4
```

Nan da nan yake gamawa. Kada ka wahalar da kanka da sauya sunan fayil zuwa .mp4, abin da ke ciki bai canza ba. In kowane bidiyo shiru ne, har da tashoshi, to wannan aikin mai gyara ne.