Ramin zai a ƙasar fako

"'Yan'uwa, na samu fako a wajen Gadarif ta ƙasar Sudan, ƙasa ta yi tauri, ruwa gudu yake yi a kai. Yaya zan haƙa ramin zai?"

Malam, ramin zai ɗan rami ne da ake shuka a ciki, yana tara ruwa da taki. Ka haƙa tun da rani. Faɗi santimita 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar 80. Ƙasar da ka fitar ka tara ta gefen gangare, ta tare ruwa. Layuka kuma a saɓa su, kada ramuka su yi jere, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan.

Taki tafi biyu ya isa kowane rami, amma ruɓaɓɓe. Ɗanye yana ƙona tsiron dawa, ka ga ganye ya yi rawaya. Ka ɗan rufe takin da ƙasa, gara za ta shigo ta huda ƙasan ramin, ruwa ya nutse.

Amma a kula, in baƙar laka ce mai tsagewa, ruwa kwanciya zai yi iri ya ruɓe, ramin zai bai dace da ita ba.