Amsata ta saɓa da ta handawut: wa ke da gaskiya a lissafin matriks?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin lissafi ne, ina hutu a ƙauyenmu kusa da Jahun, ina bita da wani handawut mai ɗauke da amsoshi. An ba da matriks A mai layin sama 4, 1 da layin ƙasa 2, 3. A aigenbalu 2, handawut ya ce aigenbekta (2, −1) ne, ni kuwa (−1, 2) nake samu ko sau nawa na maimaita. Ba wanda zan tambaya a nan. Ta yaya zan gane mai gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai ne da gaskiya, kuma biro da bayan takarda sun ishe ka ka tabbatar, ba sai ka koma makaranta ba. Sharaɗin aigenbekta guda ɗaya ne: idan ka ninka A da bekta v, abin da zai fito ya zama v ɗin nan ne aka ninka da lamba ɗaya, wato Av = λv. Saboda haka ka daina maimaita hanyar da ka bi, don mai maimaita hanya yakan maimaita kuskurenta. Ka ɗauki amsar kawai ka gwada ta.

Mu fara da taka. Layin sama na A shi ke ba da lambar sama, layin ƙasa ya ba da ta ƙasa:

```
4×(−1) + 1×2 = −2
2×(−1) + 3×2 = 4
```

An samu (−2, 4), wanda shi ne (−1, 2) sau biyu daidai. Ta haye. Yanzu ta handawut:

```
4×2 + 1×(−1) = 7
2×2 + 3×(−1) = 1
```

An samu (7, 1), alhali (4, −2) ake jira. Kada ka tsaya a nan, ka duba ko wata lamba dabam za ta yi aiki, don wani lokaci bektar daidai ce, aigenbalun ne aka laƙa mata wanda ba nata ba. Raba 7 da 2, ka samu 3.5, raba 1 da −1, ka samu −1. Tunda rabon biyu bai zo ɗaya ba, (2, −1) ba aigenbektar A ba ce ko kaɗan.

Ana ma iya hango inda mai handawut ya zame. Idan aka cire 2 daga lambobin dayagonal, wato 4 da 3, layukan biyu duk suna komawa 2x + y = 0. Mai gaggawa sai ya kwashi 2 da 1 yadda suke a jere, ya manna wa ɗaya alamar ɗebewa, ya rubuta (2, −1). Ya manta sai an musanya musu wuri: ga ax + by = 0, amsar ita ce (b, −a), a nan (1, −2). Ana samun wannan kuskure a takardun ɗalibai, har ma da na masu buga amsoshi.

Za ka ce to ai (1, −2) ma ba ita ce taka ba. Ita ce. Aigenbekta ba ta da girma tsayayye, abin da ake kiyayewa shi ne yadda lambobinta suke da juna. (1, −2) da (−1, 2) da (3, −6) duk abu ɗaya ne, kowace ninkin 'yar'uwarta ce. Shi ya sa kwatanta amsarka da ta littafi da ido yake yaudara ta fuska biyu: masu kama da juna su zama daban, kamar (2, −1) da (−1, 2), marasa kama kuma su zama ɗaya. Ko manhaja ka samu ta ba ka (0.45, −0.89), wannan bektar ce aka rage tsawonta ya koma 1. Ninka ta da A ka samu (0.91, −1.77), a maimakon (0.90, −1.78). Bambancin 0.01 daga taƙaita lambobin ya zo, ba kuskure ba ne.

Sai dai gwajin kansa yana da tarko. Dole layi na kwance ka ninka da bekta, ba na tsaye ba. Ɗauki (1, −1). Wanda ya bi lambobin A a tsaye zai yi 4 − 2 = 2 da 1 − 3 = −2, ya ga (2, −2), ya ce ta haye da aigenbalu 2. Amma ninkin gaskiya yana ba da 4 − 1 = 3 da 2 − 3 = −1, kuma (3, −1) ba ninkin (1, −1) ba ne. Ka kuma kwafo A daga ainihin tambayar, ba daga tsakiyar aikin mai amsa ba, domin idan tun farko ya kwafa ba daidai ba, gwajinka zai tabbatar da amsar wata tambaya ce dabam. Bekta (0, 0) kuwa tana haye kowane gwaji, don haka ne ma ba a ƙirga ta.

Gwajin bai ce ka samo duka ba. Don wannan, haɗa aigenbalu ɗinka: jimillarsu ta zo ɗaya da jimillar dayagonal, ninkinsu ya zo ɗaya da ditaminan. A nan ɗaya aigenbalun 5 ne, don haka 5 + 2 = 4 + 3 = 7, sannan 5×2 = 4×3 − 1×2 = 10.

Tunda handawut ɗin ya nuna halinsa sau ɗaya, ina ba ka shawara ka gwada inbas ɗin da ya bayar ma. Idan an ce B inbas ɗin A ne, AB ya fito I, wato 1 a dayagonal, sifili a sauran gurabe. Ga matriks mai layin kwance da na tsaye daidai yawa, AB = I ya wadatar, ba sai ka sake yin BA ba. Kuma kada ka wahalar da kanka da ɓangarorin lamba: ajiye 1/10 ɗin a gefe, ka ninka cikakkun lambobin, ka jira 10 a dayagonal. Inbas na gaskiya shi ne 1/10 sau matriks mai layi 3, −1 da layi −2, 4:

```
4×3 + 1×(−2) = 10     4×(−1) + 1×4 = 0
2×3 + 3×(−2) = 0      2×(−1) + 3×4 = 10
```

Daɗin wannan gwaji shi ne idan ya faɗi, yana nuna maka inda ciwon yake. In sifilan sun fito amma dayagonal ya ba da lamba ɗaya wadda ba ita ce ta ƙasan rabon ba, to ditaminan kawai aka ɓata. Wanda ya tara 12 da 2 ya rubuta 1/14 zai ƙare da 10/14 sama da ƙasa. In an manta alamomin ɗebewa, za ka ga 14, 8 a sama da 12, 14 a ƙasa, babu sifili ko ɗaya. In kuma ba a musanya 4 da 3 ba, za ka ga 14, −1 da 2, 7, dayagonal ya rabu gida biyu. A matriks mai uku-uku wannan ya fi amfani: kowane layin tsaye na AB daga layin tsaye na B mai matsayi ɗaya da shi kaɗai yake fitowa. Idan na biyu ne kawai ya lalace, lambobi uku na layin tsaye na biyu a B za ka sake lissafawa, ka bar sauran shidan.

Kada ka gwada gurbi ɗaya ka ga 1 ka rufe littafi, sai ka cika duka. Inbas na biyu-biyu ninki 8 ne, na uku-uku 27, aigenbekta kuwa 4 ne ko 9. A ɗakin jarrabawa, in lokaci ya ƙure, fara da guraben da ya kamata su ba da sifili, domin a nan kuskuren alama ya fi saurin bayyana. Ka gyara shafin handawut ɗin da biro, ka rubuta gwajin layi biyun nan a gefensa, saboda wanda zai ara bayanka.