FATAWA: Mayar da kuɗin fansho daga tsarin tsohon kamfani zuwa asusun RSA

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na yi shekara 13 ina aiki a wani kamfani a Kano, suna da nasu tsarin fansho na cikin gida, duk wata ana yankar wani abu a albashina su ma su ƙara nasu. Yanzu na bar wajen na koma wani, sai aka ce in kawo lambar RSA ɗina, wato asusun ajiyar fanshona na kaina, za a tura min abin da ya taru. Takardar da suka ba ni ta nuna naira miliyan 4.2, a ciki miliyan 2.7 ne abin da aka zuba sauran kuma wai riba ce. Shekarata 44. Malam ya halatta in mayar? Ribar nan fa ya zan yi da ita, kuma in an tura zakka ta hau kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu.

Mayarwar dai ita kanta ta halatta. Ba ciniki ka yi ba, ba ka sayar da kuɗi da kuɗi ba, haƙƙinka ne da ke hannun wani wakili ka ce a miƙa shi hannun wani wakilin, kuma mai dukiya yana da ikon sauya wakilinsa. Nan babu wani dogon zance.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne inda kuɗin za su sauka, don nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sai ka ji mutum ya ce ai na fita daga tsohon tsari na huta, ko na canza PFA, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshona, na koma wanda ake cewa na musulmi ne, alhali kuɗinsa suna nan cikin ruwa tsundum bai sani ba. Dalili kuwa tun 2018 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta raba kuɗin fansho gida gida, wanda bai kai 50 ba irinka in bai ce komai ba Fund II ake zuba shi kai tsaye, wanda ya kai 50 kuma Fund III, kuma mafi yawan abin da ake juyawa a waɗannan gidajen biyu takardun bashin gwamnati ne da ajiyar banki mai kuɗin ruwa. A 2021 aka buɗe Fund VI wanda aka ware don juya kuɗi ba da ruwa ba, irin sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ake gina hanyoyi da shi, da hannun jarin kamfanonin da aka tace. To shi wannan ba a kai ka sai ka nema da kanka, ka cike fom a wajen PFA ɗinka ka ce a mayar da kai. Da can ana yi wa ma'aikaci uzuri saboda dole ce doka ta ɗora masa kuma babu wata ƙofa, yanzu ƙofa ta samu, shi ya sa nake ganin neman komawa Fund VI wajibi ne a kanka tunda ka sani kuma kana da iko. Abin yana ci min rai wallahi, ka ga bawan Allah mai kiyaye sahun farko amma shekara da shekaru bai taɓa buɗe sitatimen ɗinsa ya ga wane gida aka ajiye shi ba.

Sai maganar miliyan 1.5 ɗin nan. Da farko ka koma ka tambayi masu kula da tsohon tsarin yadda aka yi lissafin. In tsarin irin wanda kamfani ke alƙawari ne, wato a duba shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe a ce ga abin da za a ba ka, to duka halal ɗinka ne, ladan aiki ne da aka jinkirta, yadda kamfanin ya juya kuɗinsa wannan tsakaninsa da Allah. Amma yadda ka kawo bayanin, an ware abin da aka zuba daban riba daban, wannan ya fi kama da asusun da aka juya da sunanka. A nan malamai sun rabu biyu. Wasu sun ce tunda tilas aka yanka, ba kai ka ƙulla yarjejeniyar ruwan ba kuma kuɗin ba su taɓa shiga hannunka ba, ka karɓa duka babu komai. Wasu sun ce a'a, abin da aka tabbatar ruwa ne sai an fitar da shi, saboda faɗin Allah a suratul Baƙara aya ta 279 cewa in kun tuba to uwar dukiyarku ita ce taku. Ni na biyun na fi natsuwa da shi, don tilas ɗin tana ɗauke maka zunubi ne, ba ta mayar da ruwa halal.

Ba dukan ribar za ka zubar ba fa. Ka nemi su rubuta maka kashi nawa na ribar ya fito daga kuɗin ruwa, kashi nawa daga hannun jari ko hayar gidaje. A ce misali sun ce kashi 70 cikin 100 daga ruwa ne, ka ga kashi 70 na miliyan 1.5 ya kama naira miliyan 1 da dubu 50, shi ne abin fitarwa, ragowar dubu 450 ka haɗa da uwar kuɗinka. In sun ƙi ba ka bayani ko sun ce takardu sun ɓata, ka yi kirdado da abin da ya fi rinjaye a zatonka ka ɗan ƙara kai don kariya. Na san kuɗin da yawa, ga darajar naira ta zube, miliyan 2.7 na wancan lokacin ba ita ce ta yau ba, ban raina wannan ba ko kaɗan. Sauƙin da ke ciki shi ne ba yau ake nemanka da su ba tunda ba za ka iya cirewa ba, ka rubuta adadin ka ajiye, ka sanar da iyalinka ko ka sa a wasiyya, ranar da kuɗi suka fara shigowa hannunka sai ka riƙa fitarwa ko da kaɗan kaɗan ne, a ba talakawa ko marasa lafiya ko a gyara rijiyar unguwa, da niyyar rabuwa da abin da ba naka ba, ba da niyyar sadaka ba.

Zakka kuwa ba ta hau kanka da wannan turawar ba. Daga asusu zuwa asusu aka yi, kai ba ka karɓa ba, doka ma ba ta barinka ka taɓa sai ka kai 50 kuma ka yi ritaya, in ban da wasu 'yan halaye kamar wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, shi ana ba shi har kashi 25 cikin 100. A mazhabarmu ta Malikiyya haƙƙin da bai taɓa shiga hannun mutum ba, kamar gadon da ba a karɓa ba, sai ya karɓa sannan ya fara ƙirga masa shekara. Don haka ranar da aka ba ka dunƙulen kuɗinka ka fara lissafi, in shekara ta zagayo abin da ke hannunka ya kai nisabi, wato kimar dinari 20, wajen giram 85 na zinari, sai ka fitar da ɗaya cikin 40.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, in wani ya zo ya ce ba sai ka jira ba, ga miliyan 3 a hannu ka sa masa hannu shi ya karɓi 4.2 daga baya, kada ka yarda, wannan sayar da bashi ne da kuɗin da bai kai shi ba, cin kuɗin ruwa ne tsagwaronsa.

Kafin ka miƙa lambar RSA ɗin ka leƙa ofishin PFA ɗinka da NIN ɗinka a sabunta bayananka, sunanka ya zama iri ɗaya a duka takardun don saɓanin suna yana maƙale kuɗi wata da watanni, ka cike fom ɗin Fund VI a zaman nan, bayan an tura kuma ka karɓi sitatimen ka duba da idonka adadin ya cika kuma Fund VI aka rubuta a kai.

Wallahu a'alam.