Kwamfutar da ake naɗewa da alƙalaminta: amsa ga ɗalibi mai shirin tafiya karatu

"Yaya, na samu gurbin karatun injiniyan lantarki a ƙasar waje, kuma kwamfutoci biyu nake dubawa masu kuɗi kusan ɗaya. Ta farko ana naɗe ta kamar littafi, tana karɓar alƙalami, amma RAM ɗinta gigabait 8 ne. Ta biyu ba ta da allon taɓawa, RAM ɗinta 16. Wacce zan ɗauka?"

Ƙanena, ka ɗauki mai 16, sai fa idan za ka iya ƙara kuɗi ka sami mai alƙalamin da ita ma 16 ɗin gare ta. Yawancin kwamfutocin da ake naɗewa sirara ne, don haka akan liƙe RAM ɗinsu a jikin allon injin, babu damar ƙara shi daga baya. A fanninka za ka riƙa buɗe manhajar lissafi ta MATLAB tare da manhajar zana da'irar lantarki da tarin shafukan intanet a lokaci guda, kuma a nan ne gigabait 8 ke gazawa. Rashin alƙalami yana da magani, domin biro da takarda suna nan, akwai kuma ƙaramin faifan zane da ake jonawa ta USB, amma ƙarancin RAM da aka liƙe zai bi ka har ka kammala karatun.

Wannan ba ya nufin alƙalamin ado ne kawai. A ajujuwan da na zauna, waɗanda suka ci moriyarsa su ne masu rubuta abin da madannai ba sa iya kamawa da sauri: dogon lissafi, zanen da'ira, da sharhi a gefen takardun PDF da malami ya raba kafin lacca. Ɗalibi yakan buɗe takardar a manhajar rubutu ta OneNote, malami yana warware lissafi a gaban aji shi kuma yana bin sa layi bayan layi a kan shafin. Masu karatun da galibinsa rubutun zube ne kuwa, na sha ganin alƙalaminsu ya koma ƙasan jaka tun zangon farko bai ƙare ba.

Idan ka sami halin sayen mai alƙalamin, ka sani cewa allon taɓawa daban, karɓar alƙalami daban, ko da yake masu talla sukan gwama su. Kowane allon taɓawa yana amsa sandar nan mai kan roba, wadda a wurinsa yatsa ce kawai: ba ta jin ƙarfin dannawa, kuma da zarar ka ɗora gefen hannunka a kan gilashin sai shafin ya cika da ɗige-ɗige. Alƙalami na gaskiya yana buƙatar allon da aka ƙera dominsa, kuma tsare-tsaren ba ɗaya ba ne. Surface na Microsoft yana amfani da MPP, kwamfutocin Lenovo da yawa suna amfani da AES na kamfanin Wacom, Chromebook kuma USI, sannan S Pen na Samsung yana kan EMR, wanda ba ya buƙatar batir domin rubutu. Alƙalamin wani tsarin ba lallai ya yi aiki a kan wani ba, saboda haka ka nemi sunan tsarin a takardar bayanin samfurin da za ka saya, ka kuma tambaya ko alƙalamin yana cikin kwalin, domin sau da yawa daban ake sayar da shi. Adadin matakan dannawa 4096 da ake yawan tallatawa kada ya ɗauke maka hankali. Mai zane ne yake buƙatarsa, ba mai rubuta lissafi ba.

Kafin ka biya, ka gwada da hannunka. Ka kwantar da tafinka a kan gilashin ka rubuta layi uku na ƙananan lambobi, ka duba ko tawadar tana bin bakin alƙalamin ko tana jan ƙafa a baya. Sannan ka ɗora rula a karkace ka ja layi a hankali: idan ya fito yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, haka zanen da'irarka zai riƙa fitowa kullum.

Ka kuma ɗaga ta a naɗe na ɗan lokaci. Mai inci 14 takan kusanci kilo ɗaya da rabi, ga madannai suna gogar yatsunka ta baya, don haka a kan tebur za ka riƙa rubutu, ba a tsaye ba. Gilashin nata ma yakan zama mai ƙyalli, saboda haka ka gwada karanta shafin PDF a ƙarƙashin fitila mai haske kafin ka yanke shawara.