Haruffan da ba su haɗa kalma ba: dariya ce ko fushi?

"Malam, na tura wa 'yata hoton ƙaninta ya yi barci da lomar tuwo a hannu, sai ta amso mini da 'ajsjdhdjsksk'. Wane yare ne wannan? Ko zagi ne?" Wata uwa, Tudun Wada.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Ba zagi ba ne, ba kuma yaren kowa ba ne. Dariya 'yarki ta yi, irin wadda ke hana mutum magana. Ta ɗora manyan yatsunta biyu a kan haruffan waya ta yi ta daddannawa ba tare da ta nufi wata kalma ba, don ta nuna miki abin ya fi ƙarfin baki. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin dukan kibod.

Sake duba saƙon. A cikin haruffa 12 da ta turo, wasali ɗaya ne tak, wato "a" na farko. Sauran duka baƙaƙe ne, kuma ba daga ko'ina suka fito ba. Buɗe wayarki ki dubi layin tsakiya na haruffa: a s d f g h j k l. Duk harafin da ke cikin saƙonta yana wannan layi. Tsarin da ake kira QWERTY, wanda muka gada daga tafiretan da Christopher Sholes ya ƙirƙira a Amurka, kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, ya tara e, u, i da o a layin sama, ya bar "a" ita kaɗai a tsakiya. A wannan layin na tsakiya ake koya wa masu buga tafireta su ajiye yatsu, shi ya sa in kin shafa kibod ɗin kwamfuta za ki ji ɗan tudu a kan F da J. A waya kuma yatsan hagu yana kusa da a, s, d, na dama yana kusa da h, j, k. Suna karɓa-karɓa, hagu, dama, hagu, dama, sai ga "sksk" ya fito.

Abin da ya sa ya ba ki tsoro na gane shi. Gaɓar Hausa ba ta tsayuwa sai da wasali, kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Idon Bahaushe in ya ga baƙaƙe sun jeru haka, harshe ya nemi wurin sauka ya rasa, sai zuciya ta raya masa ko wani mugun abu aka ɓoye. Babu abin da aka ɓoye. Ba a yi shi don a furta ba, an yi shi don a gani.

Yadda na san dariya ce kuwa, ba daga haruffan na sani ba. Daga hoton da kika tura na sani.

"Abokina ya turo mini 'ASDFGHJKL' na sa masa alamar dariya, ya yi kwana biyu ba ya kula ni. Me na yi?" Wani ɗalibi, Samaru.

Ɗana, ka karanta haruffa ka bar maganar da ta zo kafin su, nan ka yi kuskure. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A waya babu fuska, don haka dole a nemi abin da zai tsaya a madadinta, kuma wannan tarin haruffa shi kaɗai ba ya tsayawa. Abin da yake faɗa kawai shi ne: abu ya cika mini ciki. Ko daɗi ne, ko takaici, ko fushi, bai faɗa ba.

Bari in nuna maka da abin da na gani da idona. Wata rana 'yar ƙanwata, da ke zaune a gidana tana karatu, ta je wani shagon buga takardu ta gyara aikinta na ƙarshe. Da yamma ta nuna mini saƙonnin da ta tura wa ƙawarta, a jere kamar haka:

```
Shafi 40 na gyara aka dauke wuta
Ban adana ba
ASDFGHJKLLLL
```

Ƙawar ta amsa da "Innalillahi, sannu", ta kira ta nan take. Ta karanta daidai, kuma abin da ta bi ba wani ɓoyayyen ilmi ba ne. Ta fara duba abin da ya gabata: asarar aikin yini guda, ba abin dariya a ciki. Sannan siffar rubutun: manyan haruffa, waɗanda masu waya suka saba ɗauka a matsayin ɗaga murya, da kuma "L" da aka ja har sau huɗu, kamar mai riƙe kai yana cewa wayyooo. Sai abin da ya biyo baya, wato shiru. Mai dariya ba ya tsayawa a nan. Yakan ƙara da "wallahi kin kashe ni" ko "cikina", ko ya sake turo wani tarin haruffan. Wanda ransa ya ɓaci yakan yi tsit, ko ya biyo da gajeriyar magana mai kaifi, irin "bari kawai" ko "na gaji".

A cikin waɗannan, abin da ya gabata shi ne babba. Manyan haruffa suna iya yaudara, domin wanda dariya ta kai shi ƙasa ma yana amfani da su. Da a ce yarinyar nan ta rubuta cewa akuya ta shigo shagon ta cinye takardar mai shago, sannan ta sa waɗannan haruffa ɗin dai, ba tare da an canza ko ɗaya ba, da dariya ce.

Akwai kuma bambanci tsakanin takaici da fushi, wanda ya kamata ka riƙe. Takaici yana fuskantar abu: wuta, layin waya, kuɗin da aka tura bai shiga ba. A nan kai abokin kuka ne, sannu ake nema a wurinka. Fushi yana fuskantar mutum. In kai ne ka faɗi magana, ko ka saɓa alkawari, sannan haruffan suka biyo, to da kai ake. Daga abin da nake gani, wanda ya fusata da gaske bai cika tsayawa a wannan wasa ba, yakan rubuta magana sarai ko ya yi shiru. Shi ya sa tarin haruffa a tsakanin abokai ya fi zama takaici mai neman a taya shi.

Koma ka karanta saƙon da abokinka ya turo kafin wannan. In ka ga asara ce ya ba ka labari, ka je ka same shi ka ba shi haƙuri baki da baki. Gobe in ka rasa gane inda aka dosa, "Lafiya dai?" ta wadatar.

"Yaya zan bambanta shi da saƙon da waya ta tura da kanta a aljihu, ko wanda yaro ya danna?" Wani tela, Sabon Gari.

Na aljihu da na yaro sukan haɗo lambobi, da tazara barkatai, da cikakkun kalmomin da waya ta cika da kanta, kuma ba sa amsa wata magana da ake yi. Na gangan yakan tsaya kusa da layin tsakiya, ya zo daidai inda amsa ta kamata ta zo. Kada ka ɗauka ma babu kula a cikinsa: masaniyar harshe Gretchen McCulloch ta bayyana a 2019 cewa masu yinsa da dama sukan goge su sake in na farko bai yi musu kama da abin da suka saba gani ba.

"Ɗan'uwana na Maraɗi nasa da 'qsdf' yake farawa." Wani ɗan kasuwa, Ƙofar Doka.

Kibod ɗin Faransanci yake amfani da shi, AZERTY, wanda layinsa na tsakiya q s d f g h j k l m ne. Hannu ɗaya ne, allo ne ya bambanta.

"Malam, ashe ba daidai yake da 'mtsww' da muke rubutawa ba?" Wata malamar firamare, Gyallesu.

Malama, ba daidai suke ba, kuma na ji daɗin wannan tambaya, domin nan ne mutane suka fi sakaci. "Mtsww" kwaikwayon sauti ne. Tsaki abu ne da baki ke yi, kunne ya ji, rubutun yana bin sa ne a baya. Haka "hhhh" da yaranmu ke yi, haka "jajaja" na masu Sifaniyanci, haka "555" na mutanen Tailan, waɗanda biyar a harshensu "ha" ce. Duk waɗannan suna da sauti a bayansu, don haka ma'anarsu a tsaye take. Ba wanda zai ga "mtsww" ya zaci murna ce. Dukan kibod kuwa ba shi da sauti, motsin hannu ne kawai ya bar sawu, shi ya sa yake ɗaukar dariya yau, gobe ya ɗauki kuka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake barin abin da muke da shi a gida. Harshen nan cike yake da kalmomin motsin rai, kowace da gurbinta. Kash ta nadama ce da asara. Tir ta ƙyama ce. Haba tana tsawatarwa cikin sanayya. Wayyo ta zafi ce, assha ta jajantawa, tabɗi ta mamakin abin da ya girmama, af ta wanda ya tuna abin da ya manta. Dariya kanta mun rarraba ta: murmushi daban, ƙyaƙyatawa daban, tuntsirewa daban, shewa daban, dariyar ƙeta daban, ga kuma yaƙe, wanda haƙora ne a waje zuciya na ƙuna. Yarinyar da ta yi asarar shafi 40, da ta rubuta "Kash!" ba mai buƙatar ya yi lissafi kafin ya gane ta. Ban hana kowa wasansa ba, yana da daɗinsa tsakanin sa'o'i. Amma ina ganin matasa da ba sa iya bambanta tir da kash, suna sa ɗaya a gurbin ɗaya, kuma su ne dai ke rubuta "kasa" suna nufin ƙasa, "bata" suna nufin ɓata, alhali yawancin wayoyin yanzu ana iya sa musu kibod ɗin Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ. Yatsan da ke da kuzarin buga haruffa 12 don dariya bai kamata ya yi ƙiwar neman ƙ ɗaya ba.

"Zan iya tura wa surukina in ya turo abin dariya?" Wani ango, Wusasa.

A'a. Rubuta masa "Baba, wannan ya ba ni dariya ƙwarai."

"Wane suna za mu ba shi da Hausa?" Wani mai karatu, Kongo.

Ni dai "dukan haruffa" nake ce masa in ina yi wa manya bayani, kuma ban taɓa buƙatar maimaitawa ba. Kada a kira shi amsa-kama, domin amsa-kama irin su fat da tsaf da wulik ana furta su, suna kuma da ma'ana tsayayya. Kada kuma a ce masa shirme, tunda mai turawa ya san abin da yake nufi, ƙawarsa ma ta gane har ta ɗaga waya ta kira.