"An Yi Kuskure" Ko "Ka Yi Kuskure"? Amsoshin Tambayoyinku Kan Harshe

Tambaya: Malam, ni da abokin aikina muka haɗa rahoto, sai na ga ya yi kuskure a lissafi. A ofishinmu da Hausa muke magana, da Turanci muke rubutu. Yaya zan ce ya gyara ba tare da ya ga kamar ina tuhumarsa ba?

Bari mu ɗauki misali a hannu. A ce a shafi na 4 akwai jadawali mai layi uku: 600, 480 da 440. Jimla ta kamata ta zama 1,520, amma an rubuta 1,250. Kafin ka buɗe baki, ɗebe ƙarami daga babba: 270. Tara tana raba 270 ba saura, kuma haka abin yake duk lokacin da aka juya lambobi biyu. Kenan mutumin bai kasa lissafi ba, hannunsa ne ya suɓuce. Wannan kaɗai ya ba ka kalmar da za ka yi amfani da ita: tuntuɓen alƙalami.

Da Hausa, babban makaminka shi ne lamirin nan da ba ya nuna kowa, wato *an*, *a*, *aka*, *ana*. Saurari matakan nan: "Gyara!", "Ka gyara", "Ku gyara", "A gyara", "Mu gyara". Aikin ɗaya ne, amma kowane mataki yana janye yatsa daga fuskar mutum. Na farko umarni ne tsagwaronsa, na yaro ko na wanda kuka shaƙu. Na ƙarshe kuwa ya sa ka cikin ɗaukar nauyin. Ga kuma wata hanya: ka mai da kuskuren kansa mai aikatawa. "Lambobin sun juya", "layi ɗaya ya tsallake", "jimlar ba ta fita ba". Babu wanda aka kama. Saboda haka sai ka ce:

"Malam, sannu da aiki. Na ga kamar lambobi sun juya a jimlar shafi na 4, an sa 1,250, ni kuma 1,520 nake samu. Don Allah ko za ka ɗan duba mana kafin mu miƙa gobe da safe?"

Lura da inda *ka* ya shigo. Bai fito a wurin ɓarna ba, sai a wurin gyara. Nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe: sai su yi ta "a duba", "a gyara" har ƙarshen magana, a tashi kowa yana zaton ɗan'uwansa ake nufi, gobe rahoto ya tafi da 1,250 ɗinsa. Ɓoye mai kuskure ladabi ne. Shi kuwa mai gyara, da wurin, da lokacin, dole a ambace su.

Abin da ke zafi shi ne gina jimla a kan mutumin: "Kai ka sa 1,250." Da zarar wakilin suna ya hau gaba haka, an shiga shari'a. Haka ƙananan kalmomin nan da ake watsawa ba a lura ba. *Ai* tana cewa "ya kamata ka sani". *Fa* gargaɗi ce. *Mana* ta ƙosawa, kamar a "ka duba mana!", daban take da *mana* mai nufin "dominmu" da na sa a sama, kuma a rubuce kamarsu ɗaya, murya ce ke raba su. In saƙon waya ne, gara ka ce "ka taimaka ka duba".

To, sai Turanci, kuma a nan nake da ƙorafi. Turanci ba shi da *ku* ta girmamawa, wakilin suna ɗaya ne ga mutum ɗaya da taro, ga babba da yaro. Don haka Bature yakan tausasa roƙo ta hanyar mai da shi tambaya, ya ce a zahirin lafazi "za ka iya duba wannan?", har ya jefa kalmar iyawar cikin siffar shuɗaɗɗen lokaci don ƙarin ladabi. 'Yan boko sun kwaso wannan ɗanye, sai ka ji ana ce wa dattijo "za ka iya gyara wannan?" A kunnen Bahaushe tambayar iyawa ce, kamar ana shakkar ko ya san aikinsa. Namu shi ne "ko za ka ɗan gyara", *ko* da *ɗan* su ke ɗauke da ladabin. Haka in ka juya: ka fassara "an yi kuskure" kai tsaye zuwa Turanci ka tsaya nan, sai ta fito da sanyi irin na takardar jan kunne, ko ta yi kama da gugar zana. A saƙon Turanci ka fara da kanka da abin da ka gani: na lura jimlar shafi na 4 ta nuna 1,250, ni na samu 1,520, ko za ka sake dubawa kafin gobe. "Filis" ɗaya ta isa. Kuma "filis" da aka manna wa umarni tsirara ba ta kai nauyin "don Allah" ba, tana iya fitowa kamar ta mai gajiya da jira. Kada kuma ka sa shugabanku cikin waɗanda saƙon zai je wa a karon farko, domin wannan tuhuma ce ko da wane harshe ka rubuta.

Tambaya: Mene ne bambancin kuskure da laifi?

Kuskure na maharbi ne: ya auna, kibiya ta kuskure. Niyyar daidai ce, sakamakon ne ya kauce. Laifi kuwa asalinsa kalmar Larabci ce ta aibi, kuma yana jan hukunci a bayansa. Tsakaninsu akwai sakaci, wato rashin kula, da ganganci, wato yi da sani. Ga abokin aiki ka tsaya a kan kuskure. Ina mamakin masu cewa "ba laifinka ba ne, amma…" suna ganin sun rarrashi mutum, alhali su suka fara shigo da laifi cikin zancen.

Tambaya: Zan iya sa masa karin maganar "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba"?

Ma'anarta daidai ce: wanda ya ce ka gyara ɗaurin kayanka ba rabo yake nema ba. Sai dai lokacinta bayan mutum ya nuna fushi ne. Ka fara da ita, ka riga ka gaya masa kana jiran rigima. In dole sai ka yi karin magana, "ɗan Adam tara yake bai cika goma ba" ta fi sauƙi, ita ma ta fi daɗi a bakin wanda ya yi kuskuren.

Tambaya: Ni ce na yi kuskuren. "Sori" zan ce ko "yi haƙuri"?

"A yi haƙuri, kuskurena ne, yanzu zan gyara." A nan ba a fakewa da *an*.

Tambaya: Me ake nufi da gyaran gangar Auzinawa?

Gyaran da ya fi ɓarnar muni. Kamar ka gyara 1,250 a ɓoye don gudun magana, ka manta an kwafe ta a taƙaitawar shafi na 1, rahoto ya fita da jimla biyu.